Minti Biyu a Gaban Abokan Aiki

Da aka ɗauke ƙanwata daga wani gidan likita na karkara a yankin Belbeji aka kai ta ɗakin yara na wani asibiti a nan Damargu, sai ta zo mini da takarda da alƙalami. Ta ce: «Yaya, gobe da safe zan tsaya gaban mutane in faɗi ko ni wace ce. Kai ne malamin Faransanci, ka rubuta mini.» Na zauna na tsara mata jawabi mai shafi guda, cike da godiya da alkawarin aiki tuƙuru. Na ji daɗin jimlolina ƙwarai. Daga baya na gane ban san wurin da za a karanta su ba.

Taron nan na safe, wanda ma'aikata ke kira «sitaf», ba dandalin jawabi ba ne. Waɗanda suka kwana gardi suna tsaye, idanu sun yi ja, ana karanta rajista: yara nawa aka kwantar, nawa aka sallama, wa aka tura Damagaram, wa ya rasu, wane gado ne ba a yarda da halinsa ba. Watan Satumba ne kuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje. A tsakiyar wannan ne majo, shugaban ma'aikatan jinyar ɗakin, ya dube ta ya ce: «Malama, bismilla.»

Ta ce mini tana jin lissafin daren nan ta naɗe takardata ta sa aljihu. Ta faɗi sunanta, ta ce a makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram ta yi karatu, ta yi shekara huɗu a karkara. Ta ce ta saba samun jijiya a hannun yaron da ya rame, kuma tana jin Buzanci, don haka a kira ta idan an rasa mai fassara. Sannan ta ƙara abin da ni da kaina zan soke da jan alƙalami: «Ban taɓa ƙara wa yaro jini ba. Inda na fito ba mu da ma'ajiyar jini, turawa muke yi. Ina roƙon a tsaya tare da ni a farko.»

A nan tarbiyyarmu take yi mana tarnaƙi ta fuska biyu. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, baƙo kuma ba ya gabatar da kansa, mai masauki ne ke faɗin ɗan wane ne. Saboda haka faɗin abin da ka iya yana da nauyi a baki. Faɗin abin da ba ka iya ba ya fi shi nauyi, musamman gaban ƙananan ma'aikata da ɗalibai masu neman abin labari. Ta ce ta ji wani ya yi ƴar dariya daga baya. Amma majo da jadawalin gardi yake saurare: yana son sanin wa zai iya bari shi kaɗai da ƙarfe biyun dare. Nan take ya haɗa ta da wata dattijuwar ma'aikaciya.

A gardinta na uku aka kawo yaro mai nauyin kilo 10, tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama. Likita ya rubuta a ƙara masa jini, mililita 200 cikin awa huɗu. Dattijuwar ta sa ta karanta suna da rukunin jini da lambar leda a bakin gado, ta sa ta auna zafin jiki da bugun zuciya tun kafin ɗigon farko, ta ce: «Ƴata, minti goma sha biyar na farko ba a barin gado.» Ba su cika ba yaro ya fara makyarkyata, zafinsa ya haura abin da aka rubuta da fiye da digiri guda. Ƙanwata ta ce da ita kaɗai ce, da ta ɗauka zazzaɓin da ya kawo shi ne, domin alamun sun yi kama. Awon farko ne ya nuna cewa sauyin ya zo tare da jinin. Suka tsayar da shi, suka bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri, suka sake duba ledar, aka taso likita. Ita ce kuma ta tambayi uwar da Buzanci ko an taɓa ƙara masa jini a baya. Bayan kwana shida aka sallame shi.

Da ta zo gida hutu ta maido mini da takardata, a naɗe kamar yadda ta shiga aljihu. A bayanta ta rubuta awon yaron na daren nan, minti bayan minti, don takardar asibiti ta ƙare musu kafin asuba.