Na ɗauki mai baki, na bar mai aiki

Ƙaramin ofishin fassara nake da shi a Kano. Da aiki ya yi mana yawa, sai na nemi mai duba rubutu wanda zai riƙa yi daga gida. Bayan tacewa mutum biyu suka rage: wani saurayi a Kaduna da wata baiwar Allah a Katsina.

Na gana da kowannensu ta bidiyo. Saurayin akwai baki, duk tambayar da na yi amsarta na kan harshensa. Ita kuwa layinta sau uku yana yankewa, maganarta kuma a taƙaice. A ranar na ɗauke shi.

Sati na uku na ba shi shafi 40 da za mu miƙa wa mai shi ranar Litinin. Na tambaye shi ran Alhamis, ya ce, "Ina kai, ranka ya daɗe." Daga nan shiru har kwana huɗu. Ashe a shafi na 12 ya ci karo da jadawalin da bai gane ba, kuma wuta ta lalace a unguwarsu. Ko ɗaya bai sanar da ni ba. Wanda ya ba mu aikin ya janye, ban kuma ga laifinsa ba.

Laifin nawa ne, don alamun suna gabana na kau da kai. Samfurin da na ce su aiko Alhamis da ƙarfe huɗu, nasa sai Juma'a ya iso, babu ko uzuri. Ita kuwa, da layinta ya yanke na ƙarshe, kafin minti goma ta turo saƙo: ga amsar tambayar a rubuce, ga lambarta ta biyu. Abin da aikin nesa ke bukata ke nan, domin ba na ganin fuskar ma'aikaci balle in gane ya maƙale. Sai in ya rubuto.

Yanzu gwajin kwana uku nake bayarwa, kuma ina biyan ladansa. Shafi biyar ne, amma da gangan nake sa adadin da ke cikin rubutun ya saɓa wa na jadawali. Ina so in ga wa zai tambaya, wa zai yi cinke, wa zai wuce bai lura ba. Kowace yamma kuma ina jiran layi uku: abin da aka gama, abin da ya rage, abin da ya tare hanya. Wanda ya rubuto tun da rana cewa ba zai cika alkawarin yamma ba ya fi mini wanda ya kawo a makare yana rantsuwa.

Sai dai akwai inda nake taka-tsantsan. Yaranmu da yawa an tarbiyyantar da su kada su tsare babba da tambaya, don haka shirunsu na iya zama kunya, ba sakaci ba. Tun ranar farko nake faɗa musu cewa tambaya tana cikin abin da nake aunawa. In an gama kuma nakan kira in ce a bayyana mini dalilin gyara biyu ko uku, don in tabbatar hannunsu ne ya yi.

Na koma neman baiwar Allahn nan bayan wata biyu. Ta amsa cikin ladabi, a ranar, cewa ta riga ta sami aiki a wani wuri.