Wasiƙar da ɗalibina ya aika wa kansa

A cikin kabad ɗina akwai wani tsohon kwalin sabulu da nake ajiye ambulan a ciki. Kowace shekara, a mako na biyu da komawa lakwal cikin Oktoba, ɗalibaina na ajin ƙarshe na kwalej, masu shirin jarrabawar BEPC, sukan rubuta wa kansu wasiƙa, su liƙe, su ba ni ajiya. Ba na mayar musu sai ƙarshen zangon farko, wajen watan Fabrairu, a ranar da ake raba takardun sakamako. Lissafi nake koyarwa a nan Gaya, kuma na daɗe ina wannan abu, amma wasiƙa guda ta shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ce ta sa na gane amfaninsa da kuma iyakarsa.

Bari in fara da kuskurena, don kada wani malami ya maimaita. Shekarar farko na ce musu kawai: ku rubuta abin da kuke fata. Na kuma ce da Faransanci. Abin da na samu kusan iri ɗaya ne daga farkon aji har ƙarshe: zan yi ƙoƙari, zan zo na ɗaya, zan faranta wa iyayena rai. Ni suka rubuta wa, ba kansu ba. Sannan ranar buɗewa na ƙara ɓata lamarin, na ɗauki wasu na karanta a gaban aji. Wata yarinya ta rubuta cewa tana tsoron a cire ta daga makaranta kafin damina. Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ba ta sake ɗaga hannu a darasina ba har shekara ta ƙare. Tun daga ranar na kafa doka, kuma nakan faɗe ta kafin kowa ya ɗauki biro: ba zan buɗe ba, ba zan ba uban kowa ba, ba maki a kai. Wanda ya ga dama ya nuna mini da kansa.

Na kuma saki maganar harshe. Gaya gari ne na Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Cangawa, kuma yaro ba ya yi wa kansa faɗa da harshen da yake tsoron kuskure a cikinsa. Yanzu kowa ya rubuta da abin da yake tunani da shi, ko da ajami ne.

Tambayoyi huɗu nake rubutawa a allo. Na ɗaya, ina kake yau: makin da ka samu bara a darasi ɗaya tak da ya fi ba ka wuya. Na biyu, ina kake son ka kai a Fabrairu, da lamba, ba da addu'a kaɗai ba. Na uku, mene ne zai hana ka, kuma idan ya zo me za ka yi. Na huɗu, me kake son ka faɗa wa wanda zai buɗe takardar nan idan abin bai yiwu ba. Ta ukun na aro ta ne daga aikin wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, wanda ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri, wato "idan kaza ya faru, to zan yi kaza", ta fi niyyar baki cika. Ta huɗun kuwa yarinyar nan ce ta koya mini ita. Idan na ga yaro ya gama cikin minti biyar, na san fata ya rubuta. Mai rubuta gaskiya yakan tsaya yana tauna biro a tambaya ta uku.

To, a Oktoban 2023 garin ba yadda muka san shi yake ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta Benin, aka rufe hanyar Kamba ta Najeriya. Garin da abincinsa ke rataye da manyan motocin da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ya wayi gari ba mota. Masu cike takardun kwastan, 'yan dako, masu sayar da abinci a bakin hanya, duk suka zauna. Hada-hadar ta koma bakin kogi, inda kwale-kwale ke ƙetarar da mutane da buhuna.

Akwai wani yaro a ajin, ba zan faɗi sunansa ba, ɗan shekara goma sha shida, mai zama a bencin baya. Ranar da na raba ambulan a Fabrairu kujerarsa ba kowa. Kwana tara ke nan ban gan shi ba. Da yamma na hau babur na nufi bakin kogi, na same shi da buhu a ka, ƙafafunsa duk taɓo. Ya sauke, ya rusuna ya ce, "Mushe, ina wuni?" Na miƙa masa ambulan na ce, "Saƙonka ne, wani ya ba ni in kawo maka." Ya karanta a tsaye, ya juya mini baya na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini ya ce, "Mushe, karanta." Da izininsa nake kawo wannan sashe:

"Kai, bara 7 ka samu a lissafi. Ina son in ka buɗe wannan ka ga 10. Abin da zai hana ka ƙwallo ne da waya. Idan an yi sallar isha'i, ka ba Inna wayar, ka yi lissafi uku kafin ka kwanta. Baba ya ce in gada ba ta buɗe ba sai kowa ya nemi na kansa. Idan kana karanta wannan ba a cikin aji ba, kada ka ji kunyar komawa. Kunyar kwana ɗaya ce."

Muka zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife, na fito da takardar sakamakonsa. A makarantarmu ana haɗa matsakaicin makin gwaje-gwajen aji da makin babbar jarrabawar zango, a raba biyu. Gwajin farko, cikin Nuwamba, ya samu 12 bisa 20. Na biyu, cikin Janairu, 8. Matsakaicinsu 10. A babbar jarrabawa ya samu 6. Goma da shida sha shida, a raba biyu, 8 ke nan. Wanda ya kalli takardar kawai zai ce yaro ya tashi daga 7 zuwa 8, bai kai rabi ba, rago ne. Amma in ka jera lambobin bisa watanni, 12, 8, 6, sai ka ga wani labari dabam. Dabarar da ya tsara wa kansa ta yi aiki: wata biyu yana ba mahaifiyarsa waya, ya tashi daga 7 zuwa 12. Abin da ya kayar da shi ya fara ne a hutun ƙarshen Disamba, lokacin da ya soma dako, yana samun jikka ɗaya da rabi ko biyu a yini, kuɗin da gidan ke cefane da su. Da aka koma, sai ya riƙa fashin darasin safe, kuma a makonnin ne muka yi babin da rabin tambayoyin jarrabawa suka fito daga ciki.

Wannan shi ne abin da takardar sakamako ba ta iya faɗa, wasiƙar kuma ta faɗa. Yaron ya ambaci ƙwallo da waya domin su ne a hannunsa. Babban abin ya sa shi a layi guda, a gefe, kamar mai tsoron ya kira sunansa. Na lura yara da yawa haka suke yi, don haka yanzu nakan ce musu ranar buɗewa: ku nemi jimlar da kuka rubuta da sauri kuka wuce, ku ja mata layi.

Wasiƙa ba ta sayen shinkafa, wannan kam na sani. Abin da ta ba ni shi ne bakin magana. Washegari muka je wurin mahaifinsa, wanda da yake aikin takardun motoci. Ban nuna masa wasiƙar ba, lambobin uku na nuna masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ba don ina so ba ne." Na ce, "Na sani, Alhaji. Wata huɗu ya rage a yi jarrabawa. A bar mini shi safiyar Litinin zuwa Juma'a, kogi ya ɗauki Asabar da Lahadi." Muka yi ta ja har ya yarda, da sharaɗin in gida ya matsu zai aiko a gaya mini maimakon yaro ya ɓace shiru. Sau biyu ya aiko. An ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu, amma gadar Malanbil ba ta buɗe ba, don haka dakon bai ƙare ba. Yaron ya rufe zango na biyu da 9 da rabi a lissafi. Bai kai goman da ya yi wa kansa alkawari ba, amma ya zauna jarrabawa, kuma ni a Fabrairu ban yi zaton zai zauna ba.

Abubuwa biyu na sauya tun daga nan. Na farko, wata huɗu ya yi tsawo. Da an buɗe wasiƙar nan a farkon Janairu, da babbar jarrabawa ba ta same shi a bakin kogi ba. Yanzu kowa yana kwafe amsar tambaya ta uku a bangon littafinsa, kuma ranar da aka dawo daga hutun Disamba nakan ba su minti goma su duba ta su gyara. Na biyu, ba na raba ambulan a ƙofar fita. Nakan ware awa guda, su karanta shiru, sannan su juya takardar su amsa wa wanda ya rubuto: me ya hango daidai, me ya kasa hangowa, me za a sauya a zango na biyu. In ba a yi wannan amsa ba, wasiƙar takan zama abin dariya ko abin baƙin ciki na rabin awa, a jefar.

Ga iyaye kuma roƙona ɗaya ne. Idan ɗanku ya dawo da irin wannan ambulan, kada ku karɓe, kada ku ce a karanto muku. Ku tambaye shi kawai: me ka ce zai hana ka, shi ne ya hana ka? In ya amsa, ku saurara har ƙarshe, ko da amsar ta taɓa ku.

A cikin kwalin akwai ambulan guda daga waccan shekara da ban samu mai ita ba. Yarinya ce, an ce iyayenta sun ƙaura da ita ƙetaren kogi kafin Fabrairu. Abokan aikina sun ce in buɗe, wataƙila akwai abin da zai nuna inda take. Ban buɗe ba, domin na yi mata alkawari a gaban aji. Duk ɗalibin da na ji zai je kasuwar Malanbil nakan faɗa masa sunanta, in ce in ya gan ta ya gaya mata Mushe yana riƙe da saƙonta.