Cokali Biyu a Tukunyar Mutum Takwas

A Mada, da ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, gyaɗa amfanin gona ce ta kuɗi. Da kaka ta yi sai ta nufi kasuwa, a bar wa tukunyar gida ɗan abin da ya saura. Ga kuma ma'aikacin birni da ya ƙaurace wa mai don tsoron hawan jini. Dukansu biyu suna iya faɗawa ƙasa da abin da jiki ke bukata.

Masana na Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya sun sa iyaka: kada maiƙo ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuzarin da babba ke samu daga abinci, mace mai shekarun haihuwa kuwa kashi 20. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9. Saboda haka macen da ke cin kalori 2,000 a yini tana bukatar kimanin giram 44, wato cokalin cin abinci uku da ɗoriya.

Dalilin iyakar a hanji yake. Bitamin A da D da E da K ba sa narkewa a ruwa. Sai maiƙo ya shiga hanji matsarmama ke sako ruwanta, ya farfasa man, bitamin su bi shi zuwa jini. Zogalen da aka ci gayansa, mafi yawan amfaninsa ga ido wucewa yake yi, alhali giram 3 zuwa 5 na mai a kwano sun isa su buɗe hanya. Sinadaran homon na haihuwa kuma daga kolestarol ake gina su. Hanta na haɗa shi da kanta, amma idan ƙarancin mai ya haɗu da ƙarancin abinci, al'adar mace takan rikice ko ta ɗauke. Dundumi da bushewar fata su ma alamu ne.

A ɗauki gida mai mutum takwas, inda ake zuba wa miyar kuka cokali biyu na man gyaɗa, giram 28. Rabon kowa giram 3.5 ne, sau biyu a yini ya zama 7. Tuwon dawa na giram 400 na gari yana ƙara kamar 12, ƙasa da haka ma idan surfe ya tafi da dusa. Jimla 19 ke nan, saura 25. Cikin tafin hannu na gyaɗa, giram 30, yana ba da kusan 14; cokalin mai a kwaɗon zogale ya ƙara 14. Giɓin ya cike.

Gyaɗa da riɗi su ne kan gaba, domin mansu bai cika ɗaga kolestarol ba. Manja na ɗauke da tushen bitamin A, muddin ba a soya shi har jansa ya gushe ba. Man shanu kuwa ɗanɗano ne, kaɗan ya wadatar. Gidan da ya ware buhun gyaɗa kafin a kai saura kasuwa ya riga ya biya kuɗin man watanni.