Ba yis ne ke hana masa tashi ba

Duk lokacin da masa ta fito a kwance, ta sha mai, ta ƙi juyuwa a tanda, yis ake fara zargi, washegari kuma sai a ninka shi. A ganina yawanci matsalar tana wajen kaurin ƙullu ne, tun daga bakin injin markaɗe. Aikin yis shi ne ya ci sukari ya fitar da iska, amma ba shi ke riƙe iskar ba. A burodi da fanke fulawar alkama tana da danƙon da ke tare ta. Shinkafa ba ta da wannan danƙo ko kaɗan, don haka kaurin ƙullun ne kawai zai hana iskar ficewa. Idan ya yi ruwa, iskar za ta taso ta fashe a sama ta tafi, ko da an juye leda guda ta yis.

Dalilin da ya sa masu sana'a, tun daga Bauchi har Kano inda ake ce mata waina, ba sa wasa da dafaffiyar shinkafa ke nan. Ɗanyar shinkafa da aka markaɗa nutsewa take yi ƙasa ta bar ruwa a sama, ita kuwa dafaffiya tana ɗaure ruwan, ta ba ƙullu jiki da laushi. A ce gwangwani 4 na shinkafar tuwo za a yi. A jiƙa 3 da rabi na awa 6 zuwa 8, a dafa rabin gwangwanin da ya rage ya yi luguf, a bari ya huce sosai, domin zafin da hannu ba ya iya jurewa yana kashe yis. A tsane wadda aka jiƙa, a haɗa ta da dafaffiyar da albasa ɗaya, a tsaya a kan mai inji kada ya kwarara ruwa don aikinsa ya yi sauri. Bayan markaɗe a sa yis ƙaramin cokali 2 da sukari babban cokali 1, a buga, a rufe a mazubin da ƙullun bai wuce rabinsa ba.

Wasu za su ce ai ƙullu mai kauri masa mai nauyi yake bayarwa, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Gaskiya ne, amma kaurin tashi daban, kaurin suya daban. Ƙullu yana sakin jiki da kansa idan ya tashi, don haka wanda aka kwanta da shi daidai za a same shi ya yi tsululu. Abin da ya fi shi ne a bar shi ya tashi da kauri, sai an zo suya a sassauta shi da ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan har ya zama kamar koko mai kauri: ya zubo daga ludayi a haɗe, ya bar shafe a bayan ludayin. Idan kuma an riga an cika ruwa a inji, a ɗaure shi da garin shinkafa kafin ya tashi, domin garin da aka zuba daga baya bai jiƙu ba, kuma za a ji shi a baki.

Batun lokaci ma bin kaurin yake yi, kuma agogo ba ya yanke hukunci a kansa. A zafin Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40 a Kano ko Maraɗi, awa 3 zuwa 4 na iya isa, amma a daren hunturu ƙullun nan zai nemi awa 8 ko ya kwana, sai in an ajiye shi kusa da murhu. Ido da hanci ne ma'auni. Wanda ya yi daidai ya kusa ninkuwa, samansa ya yi ƙananan huji, tsaminsa mai daɗi ne. Wanda ya wuce zai bar zane a jikin bokiti inda ya kai kafin ya faɗa, ruwa ya kwanta a kansa, warinsa na hawa kai. Ƙullu mai ruwa ba ya nuna tashin nan da kyau, sai mai shi ta ɗauka bai yi ba, ta ƙara masa awanni har tsami ya cinye shi.

Akwai kuma masu cewa kanwa ko bekin foda za su gyara komai. Kanwa ungurnu tana kashe tsami, kuma haɗuwarta da tsamin yana tayar da sabuwar iska, shi ya sa ake zuba ruwanta kaɗan gab da suya, tare da gishiri da ƙarin sukari. Sai dai ita ma wannan iskar tana buƙatar jikin da zai riƙe ta, kuma in kanwa ta yi yawa masa za ta yi ɗorawa-ɗorawa da bauri. Kafin a ƙara komai, a soya guda ɗaya a tanda mai zafi. Idan ta kumbura, gefenta ya kama, ta juyu ba ta fashe ba, a ci gaba. Idan ta baje tana shan mai, a yi haƙuri da garin shinkafa cokali 2 ko 3, a buga, a ba shi minti 30 ya jiƙu ya sake tasowa.