Burujin Wata da Burujin Rana: Me Ake Nufi, Kuma Ina Iyakarsa?

Tun da aka dawo hutu wata sabuwar tambaya ta shigo ajinmu: "Ke wane buruji ce?" Wasu sun koyo ta a wayar yayyensu, har sun wuce burujin rana sun koma abin da wayar ke rubutawa da moon sign, wato burujin wata. Na ji an ce da wata ƙawata ba za a zauna benci ɗaya da ita ba, wai watanta na masu riƙo ne. Abin ya dame ni, shi ya sa na bi diddigin maganar.

Tun zamanin mutanen Babila aka raba hanyar da rana ke bi a sama gida 12, kowane gida digiri 30. Su ne buruji. Malamanmu na zaure sun san su da sunayen Larabci, irin su Hamalu, Sauru, Jauza'u, Saratanu, Sumbula, Mizani da Hutu. Rana tana yin kusan kwana 30 a kowane gida, ta gama zagaye a shekara guda. Wata kuwa ɗan sauri ne. A kwana 27 da ɗoriya yake ratsa gidajen duka, don haka kwana biyu da 'yan sa'o'i kawai yake yi a gida ɗaya. Burujin ranarka shi ne gidan da rana take lokacin da aka haife ka, burujin watanka kuma gidan da wata yake a wannan sa'ar.

Masu duban taurari suna cewa burujin rana yana nuna mutum na fili: burinsa, da yadda yake tsayawa a gaban jama'a. Burujin wata kuma, a faɗarsu, mutum na cikin ɗaki ne: abin da ke kwantar masa da hankali, yadda yake yi in an ɓata masa rai, da ɗabi'un da ya tashi da su tun a bayan uwa. Wato in an tsawata maka a taron safe, rana ce fuskar da ka nuna wa mutane, wata kuma shi ne abin da ka yi bayan ka koma gida, kuka ne, ko shiru, ko huce haushi kan ƙanenka.

Ga misali da ranar da iyayenmu ba su manta ba. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi husufi, gari ya yi duhu da hantsi a Katsina. Husufin rana ba ya faruwa sai wata ya gitta tsakaninmu da rana, ke nan a ranar su biyun gida ɗaya suke. A lissafin Turawa gidan Hamalu ne. Daga nan wata yana tsere wa rana da kusan digiri 12 kullum. Ranar 5 ga Afrilu, da ya kai rabi, ya shiga Saratanu. Ranar 13 ga Afrilu, da ya cika, yana Mizani, daidai kishiyar rana.

To mu ɗauka an haifi yara uku a Malumfashi a waɗannan ranaku uku. Dukansu burujin ranarsu Hamalu ne, don haka za a ce masu zafin nama ne, masu son gaba. Amma ta fuskar wata sai a raba su. Na farko, mai watan Hamalu, wai saurin fushi da saurin hucewa. Na biyu, mai watan Saratanu, wai ɗan gida ne, ba ya sakewa sai kusa da uwa da abincin da ya saba. Na uku, mai watan Mizani, wai ba ya son rigima, kuma kaɗaici na damunsa.

Inda wata yake a waɗannan ranaku lissafi ne, kowa na iya bincikawa. Halin da aka jingina masa kuwa, nan gizo ke saƙa.

Na ɗaya, lissafin buruji ba iri ɗaya ba ne. Turawa suna fara ƙirga daga ranar da dare da rana suke daidaita a watan Maris, masu duba na Indiya kuma suna bin taurarin kansu. Tsakanin hanyoyin biyu akwai kusan digiri 24. In aka bi ta Indiya, yaron farko ya koma Hutu, na biyu Jauza'u, na uku Sumbula. Yaro ɗaya, dare ɗaya, hali biyu. Wanne za a kama? Ga shi kuma wanda aka haifa ranar da wata ke sauya gida sai ya san sa'ar haihuwarsa, alhali da yawanmu a gida aka haife mu, abin da uwa ke tunawa shi ne "bayan isha'i, lokacin cirar auduga".

Na biyu, me ya sa in ka karanta bayanin sai ka ji kamar da kai ake? A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka auna dacewarsa, maki ya haura huɗu cikin biyar. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Ku gwada da kanku: kwafi bayanin buruji uku, ku goge sunayen, ku ba abokinku ya zaɓi nasa. Wa ba ya son gida? Wa ke son rigima?

Kallon sama ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilmin taurari. Har yau dattawan manoma daga Funtua zuwa Bakori suna ƙirga shekara da taurari 28, kusan kowanne kwana 13, don su san lokacin shukar masara da dawa. Wannan ƙirgar lokaci ce, malamai sun yarda da ita kamar yadda suka yarda da duban wata don azumi. Abin da suka hana shi ne a ce tauraro ne ke juya hali ko rabo. A darasin addini mun karanta hadisin Hudaibiyya, inda Annabi (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu jingina saukar ruwa ga tauraro.

Abu ɗaya na riƙe daga maganar burujin wata, shi ne tambayar da take yi: me kake buƙata in ranka ya ɓaci? Tambaya ce mai kyau, sai dai amsarta ba a sama take ba. Ni na san in an ɓata mini, a bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci. Ƙanwata kuwa sai ta sami mai saurare. Ƙawata da ake cewa mai riƙo ce, bara mahaifinta ya rasu, tun daga nan ta rage magana. Babu burujin da ya faɗi haka, kuma duk wanda ya tambaye ta zai sani.

Don haka kafin ka yanke wa abokin zamanka hukunci da ranar haihuwarsa, zauna da shi zango guda. Hali zanen dutse ne, in ji Hausawa, amma sai an matso kusa ake karanta zanen. Wanda kuma ke cewa "haka watana yake" bayan ya zagi mutum, ya je ya ba da haƙuri. Wata ba shi ya buɗe masa baki ba.

Daga wata 'yar ƙungiyar 'yan jarida, aji biyar.