Kafin mu miƙa kuɗin maganin zazzaɓi

A Kalgo, da damina ta yi nisa sauro ya taso daga fadama, mu ne 'yan aiken gida. Ƙane ya kwana da zazzaɓi, Inna ta kwance haɓar zane ta ce mu je mu sayo magani. Idan aka dace da ranar kasuwa, ga mai tire nan ya baza kwalaye a rana, kuma nasa ya fi na kemis araha.

Yawancinmu lambar NAFDAC kawai muke dubawa. To amma lamba tawada ce, wanda ya iya buga kwalin jabu ba za ta gagare shi ba. A 2012 jami'an kwastan a Luwanda ta ƙasar Angola sun kama fakiti miliyan 1.4 na jabun Coartem, an ɓoye su cikin lasifikoki. Kwalin kamar na gaske, amma babu sinadarin da ke kashe ƙwayar maleriya a ciki.

Shi ya sa muke buɗe kwalin tun muna gaban mai sayarwa. A jikinsa akwai lambar rukunin da aka haɗa maganin, galibi bayan haruffan BN, da ranar lalacewa bayan EXP. Sai mu zaro katin ƙwayoyin mu kwatanta. Idan na kwali daban, na kati daban, ko an kankare kwanan wata an liƙa wani, mu ajiye masa abinsa. Mu kuma ƙirga. Na manya mai alamar 20/120 ƙwaya 24 ne, ana shan huɗu sau biyu a rana har kwana uku. Mai 80/480 ƙwaya shida ne. Launinsu rawaya ne, bai kamata wata ta fi wata duhu ko ta marmashe ba. Wanda aka yanko da almakashi aka ƙulla a leda kuwa, ba mu da abin da za mu duba ma.

Sai gwajin da ya fi wuyar kwaikwayo. Tun 2010 NAFDAC ta fito da tsarin kankarewa irin na katin waya. A kankare, a tura lambobin ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da ke jikin kwalin, misali 38353. Kyauta ne, ƙaramar waya ma tana yi. Idan mun tarar an riga an kankare, ba ma saye.

Sai dai saƙon ba ya sanin makonnin da kwali ya yi a kan tire yana shan ranar Kebbi, kuma zafi yana rage wa na gaske ma ƙarfi. Wani jabun kuma farasitamol ake sa masa, jiki ya yi sanyi, gida a ɗauka an warke, alhali cutar tana nan. Idan an gama kwana ukun zazzaɓi bai sauka ba, ko ya dawo, a kai yaron asibiti a gwada jininsa, a tafi da kwalin a nuna. Idan kuwa ya fara amai ba ƙaƙƙautawa ko jijjiga, ba a jiran kwana ukun.