Kallo Ba Ciniki Ba Ne

Mu masu rubuta manhaja, duk sanda muka je gida Gaya ko Ajingi, tambaya ɗaya 'yan'uwa masu sayar da atamfa da mayafi suke yi mana: "Yaya, TikTok zan buɗe ko Instagram?" Mu kuma mukan tambaye su: kayan da kika sayar na baya-bayan nan guda ashirin, ta ina masu sayen suka same ki?

A ce mai sana'ar ta sari turmi goma a Kantin Kwari da kuɗin adashinta, kuma sa'a ɗaya kawai take samu bayan isha'i. In kayan suka kwana wata biyu, zubi na gaba ya gagara. Masu sayenta kuwa makwabta ne da dangi da matan Islamiyya. Ba sa son dogon rubutu, saƙon murya suke turowa, su yi tayi, su ce a aiko yaro da kala biyu su zaɓa. Da yawansu datar kwana ɗaya suke saye, bidiyo kuma shi ya fi cinye ta.

Shi ya sa muke cewa ta fara da WhatsApp Business, wanda kyauta ne. Ta jera kayanta a Catalog, kowane turmi da hotonsa da farashinsa, don kada ta riƙa maimaita "nawa ne?" sau talatin. Ta ɗauki hotunan da rana a inuwa, saboda hasken ƙwan lantarki yana sauya kala, daga nan ake dawo da kaya. Kullum ta ɗora hoto uku ko huɗu a Status, sauran lokacin ta amsa saƙonni.

Sai dai WhatsApp yana da iyaka. Status yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wadda kuka ajiye lambar juna. Ma'ana yana riƙe tsofaffin masu saye, amma da wuya ya kawo baƙuwa. Maganin wannan shi ne ta nemi duk wadda ta sayi kaya ta ajiye lambarta a take, sannan sau ɗaya a mako ta ɗora hotuna a Facebook, inda mutanen gari suka san juna.

TikTok kuwa baƙi yake kai wa bidiyo. Dubu biyar za su iya kallo daga Legas ko Yamai, amma kuɗin motar aika turmi ɗaya sai ya cinye ribar, ga haɗa bidiyon ya cinye sa'ar nan guda. Ya fi dacewa da mai ɗinki da salonta na kanta, wadda ribarta za ta ɗauki kuɗin aike.

Awon da muke ba su mai sauƙi ne. Ta samu littafi, duk cinikin da ya faɗa ta rubuta dandalin da ya kawo shi. Bayan wata guda, dandalin da ya tara "masha Allah" amma bai kawo ko "ajiye min" ɗaya ba, ta bar shi ya huta.